Sukuk da takardar lamuni: idan an kasa biya, titin ya zama namu?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai, ina neman masu sani su warware min. A watan Satumban 2017 na saka naira 500,000 daga kuɗin gadona a sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar, wanda aka ce na gina tituna ne. Hayarsa kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Duk wata shida naira 41,175 na shigowa asusuna, ba ta taɓa ƙaruwa ko raguwa da kwabo ba, har sau 14. A 2024 aka dawo min da dubu ɗari biyar ɗina cif. Alhamdulillahi, ban da ƙorafi a kan biya.

To amma ƙanena da ke aiki a banki ya zo gida da sallah, muna hira ya ce min, "Yaya, wannan fa da takardar lamunin gwamnati duk kanwar ja ce, riga kawai aka sauya." Na ce masa ai ni titi na mallaka, haya ake biyana. Sai ya tambaye ni wane titi, kuma daga ina zuwa ina ne nawa. Wallahi na rasa amsa. Shin da gaske na mallaki wani abu a shekaru bakwai ɗin nan? Da gwamnati ta kasa biya, me zan riƙe?

Baffa_Kwari
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ya rikita ki. Ni da idona na ga allon sukuk a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, an rubuta daga nan zuwa nan da kuɗin sukuk aka yi. Takardar lamuni kuwa bashi ne tsagwaronsa, ka ba da ɗari a ba ka ɗari da goma sha biyar, ba ka san inda kuɗin ya shiga ba. Sukuk akwai kadara a bayansa, shi ya sa ya fi aminci. Ko gwamnati ta gaza, kadarar tana nan.

Lauya_Sadiya
Baffa, rabin maganarka haka take, ɗaya rabin kuma shi ne inda mutane da yawa ke zamewa. Gaskiya ne an ɗaure kuɗin da aiki. Biliyan 100 na 2017 an raba shi ga tituna 25 a shiyyoyi shida, kowace shiyya kimanin biliyan 16.67, kuma 'yan kwangila sai an tantance aikinsu ake sakar musu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma "kadarar tana nan" bai nufin za ka iya kai mata hannu.

Ga yadda aka gina shi. An kafa wani kamfani na musamman, FGN Roads Sukuk Company 1 PLC, wanda ba shi da wata sana'a sai riƙe amanar masu sukuk. Shi ya karɓi kuɗin Maman Ilham da na sauran jama'a, aka yi aikin titi da shi, gwamnati ta ɗauki hayar titin, kuma hayar ce 41,175 ɗin nan. Sai takarda ta ƙarshe, wadda ita ce ƙashin bayan maganar: gwamnati ta yi alƙawarin za ta saye titin daga hannun kamfanin idan wa'adi ya cika, a kan kuɗin da zai mayar wa kowa uwar kuɗinsa daidai. Shi ya sa aka dawo mata da 500,000, ba sama ba ƙasa.

Yanzu a ce an kasa biya. A irin wannan tsari abin da kamfanin amanar zai yi shi ne ya ce wa ɗan hayar: cika alƙawarinka, ka sayi kadarar yanzu, ka biya. Daga wannan lokacin abin da ke hannunku buƙatar kuɗi ce a kan gwamnati, kuna layi ɗaya da masu takardar lamuni. Ba wanda zai je ya kafa shinge a Wudil ya ce titin Maman Ilham ne, kowa ya biya kafin ya wuce. Ita kanta DMO, ofishin kula da basussukan gwamnati, a tallarta cewa take sukuk ɗin yana tsaye ne a kan cikakken lamunin gwamnatin tarayya, kalaman da take amfani da su ga takardun lamuninta.

Baffa_Kwari
To ai ko haka ne gwamnati ba ta mutuwa.

Lauya_Sadiya
Haka ne, shi ya sa yake da aminci. Amma ka lura amincin daga gwamnati ya zo, ba daga kwalta ba. Abin da nake so a gane ke nan.

Abu_Hanan
Salam. Don Allah nawa ne mafi ƙarancin abin da za a saka, kuma ribar duk wata ce? Wani abokina ya taɓa saka kuɗi a wani kamfani da suka ce na Musulunci ne, kashi 10 duk wata, wata na huɗu aka rufe ofis. Ko irinsu ne?

Dillali_Nura
Abu Hanan, ba su da alaƙa ko kaɗan. Wannan gwamnatin tarayya ce ta hannun DMO, ana farawa daga naira 10,000, kowane kaso naira 1,000, biya kuma sau biyu a shekara. Duk wanda ya ce maka kashi 10 a wata, ka riƙe kuɗinka.

Bari in ƙara wa maganar Barista daga ɓangaren kasuwa, don abin da nake gani ke nan kullum. Ku dubi hayar kowane zubi: 2017 kashi 16.47, 2018 kashi 15.743, 2020 kashi 11.2. Me ya faɗo da haya a 2020? Motocin da ke bin titi sun ragu ne, ko kwalta ta yi araha? A'a. Kuɗin ruwa ne ya sauka a kasuwa gaba ɗaya a shekarar, kuma da ma'aunin takardun lamuni masu wa'adi irin nasa ake yanka hayar. Titunan nan ba a karɓar kuɗin shiga a kansu don a biya ku, daga baitulmali hayar take fitowa.

Haka idan za ka sayar kafin wa'adi. Na sayar wa wani alhaji nasa na 2020 a tsakiyar 2024, saura masa shekara uku. A lokacin mai saye yana iya samun wajen kashi 19 a sabuwar takarda, to don me zai biya ka dubu cif a kan mai ba da 11.2? Lissafin ya tsaya wajen naira 830 a kowane kaso na dubu. Alhajin ya ce, "Nura, titin ya lalace ne?" Na ce masa titi lafiyarsa ƙalau, Alhaji, kasuwar kuɗi ce ta motsa. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya sa hannu.

Maman_Ilham
Malam Nura ka taɓo min wani wurin. Lokacin da na saka kuɗin dala tana wajen 360. Da aka dawo min da shi ta haura 1,500. Maƙwabciyata a shekarar ta sayi fuloti da kuɗi kusan irin nawa, yau ba ta ma sauraron tayi. Da a ce da gaske yankin titi na mallaka, ai da aka zo saye a hannuna sai a yi masa kuɗin yau, tunda kowa ya san abin da gina kilomita ɗaya yake ci yanzu. Amma kuɗin 2017 aka ba ni.

Lauya_Sadiya
Hajiya kin kama bakin zaren da kanki. Mai kadara na haƙiƙa, tashinta nasa ne, faɗuwarta tasa ce. Ke an kare ki daga faɗuwa, an kuma rufe miki ƙofar tashi.

Malam_Tukur_Zariya
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina tsoron kada wani ya fita daga nan da cewa sukuk haramun ne ko kuwa yaudara ce. A bi a hankali.

A shari'a ba sakamako kaɗai ake dubawa ba, ana duba ƙulli. Mutum biyu za su iya samun dubu arba'in arba'in, ɗaya ta hanyar ba da rance da ƙari, ɗaya ta hanyar ba da haya, na farko ya ci haram na biyu ya ci halal. Kuma yanke haya tsayayya ba laifi ba ne, duk mai gidan haya a Sabon Gari haka yake yi. Ko da an dubi kuɗin ruwan kasuwa wajen yanke adadin, malamai da dama sun ce ma'auni ne kawai, ba ya ɓata cinikin, ko da yake ba abin so ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne hadisin "Alharaju biddaman", wato amfanin abu yana tare da ɗaukar asararsa. A ijara, wato ƙullin haya, manyan gyare-gyare a wuyan mai kadara suke, kuma idan abin ya halaka gaba ɗaya haya ta tsaya nan take, don ba a biyan hayar abin da babu. Wannan bambanci ne na gaske da rance, domin mai rance ko gidan da aka gina da kuɗinsa ya ƙone bashinsa yana nan.

Batun alƙawarin saye kuma an yi dambarwa a kansa. A 2007 Shehi Taƙi Usmani, shugaban majalisar malaman AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, ya ce kusan kashi 85 na sukuk ɗin musharaka da mudaraba, wato na tarayya da na ba da jari a juya, da ya duba ba su cika sharaɗi ba. A Fabrairun 2008 majalisar ta fitar da matsaya: abokin tarayya ko mai juya kuɗi ko wakili ba zai yi alƙawarin mayar da uwar kuɗi daidai ba, domin hakan ya kashe ma'anar tarayya. Amma ta bar wa ɗan haya a ijara ya yi alƙawarin sayen abin da yake haya a kan kuɗin farko, muddin ba shi ne kuma abokin tarayya ko mai juyawa ko wakilin zuba jari ba. Na gwamnatinmu ijara ne, kuma kwamitin malamai na Babban Bankin Nijeriya ya duba ya amince. Don haka Hajiya, abin da kika ci kin ci shi a kan fatawa, hankalinki ya kwanta.

Ɗan_Gwarzo
Allah ya gafarta Malam, ina da ja kaɗan, a yi min afuwa. A ƙauyenmu akwai jinginar gona. Mutum ya matsu, ya karɓi dubu ɗari biyu, ya miƙa gonarsa, mai kuɗi ya yi ta nomawa, ranar da aka dawo da dubu ɗari biyu cif ya saki gona. Wasu don su kauce wa magana sai su ce ai sayarwa aka yi, da sharaɗin za a sake saye a kan kuɗin. Malamanmu tun muna yara suke cewa wannan rance ne da ya jawo amfani. Mahaifina ya taɓa mayar da buhu shida na gero saboda wannan. To na sayar maka titi, na yi haya, na saye a kan kuɗin farko, ina bambancin?

Malam_Tukur_Zariya
Ɗan Gwarzo, tambayarka tana da nauyi, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Abin da ka kwatanta shi ne bai'ul wafa'i, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ce bai inganta ba tun 1992. Masu halatta sukuk suna amsawa da abu biyu. Na ɗaya, alƙawarin saye takarda ce daban daga ɓangare ɗaya, ba sharaɗi ba ne a cikin cinikin. Na biyu, a tsawon hayar asarar kadarar tana kan masu sukuk. A namu akwai ƙarin cewa kuɗin sabon aiki aka yi da shi, ba tsohuwar gona aka juya ba. Amsa ta farko ni kaina ba ta gamsar da ni sosai, don mu Malikawa muna duba abin da mutane suka nufa, ba rabe-raben takardu kaɗai ba. Ta biyu ita ce mai ƙarfi, idan da gaske asarar tana kansu.

Lauya_Sadiya
Malam, a kan "idan da gaske" ɗin nan zan tsaya. A yawancin sukuk na ijara da na karanta, masu sukuk suna naɗa shi ɗan hayar ya zama wakilinsu na kula da kadara. Shi zai yi manyan gyare-gyare, shi zai yi mata takaful ko inshora da adadin da ya kai uwar kuɗi. Kuɗin da ya kashe sai a ƙara shi a kan haya ta gaba, ɗaya ya share ɗaya. Idan kadarar ta halaka kuma abin da inshora ta biya bai kai ba, sai a ce wakili ya yi sakaci, ya cike giɓin daga aljihunsa. Ka ga asarar ta fita ta ƙofa ta dawo masa ta taga. A takarda tana kan masu sukuk, a aikace da wuya ta taɓa su.

Amma akwai sukuk da kadarar take hannu da gaske, kuma an gwada shi a kotu. East Cameron, wani kamfanin haƙar gas a gaɓar Louisiana ta Amurka, ya fitar da sukuk na kimanin dala miliyan 165 a 2006. Abin da ya sayar wa kamfanin amanar shi ne wani kaso na gas da man da rijiyoyinsa za su fitar. A 2008 ya durƙushe ya tafi kotun fatara, ya ce ai wancan ba ciniki ba ne, rance ne da jingina, don haka kadarar ta dawo cikin tukunyar da duk masu binsa bashi za su raba. Kotu ba ta bi shi a kan haka ba, ta dubi cewa masu sukuk sun saka kuɗinsu ne a kan cewa ciniki ne yankakke, daga ƙarshe kuma kadarar ta koma hannunsu. Sai dai ku lura da abin da suka samu: rijiyoyin da fitarsu ta ragu, a lokacin da farashi ya faɗi. Kadara a hannu tana ba ka abin riƙewa, ba ta yi maka alƙawarin kuɗinka zai dawo cif.

Ku gwada da Nakheel na Dubai. Sukuk na dala biliyan 3.52, an jingina shi da hayar fili ta shekara 50 a bakin teku. A Nuwamban 2009 uwar kamfanin, Dubai World, ta nemi a ɗaga mata biyan basussuka, saura kwanaki sukuk ɗin ya cika. A lokacin ne masu shi suka koma karanta takardu suna tambayar ko za su iya kai hannu kan filin, kuma wace kotu ce za ta ba su. Ba a kai ga gwadawa ba, domin Abu Dhabi ta kawo dala biliyan 10 aka biya su a Disamba. Filin bai cece su ba, maƙwabci mai kuɗi ne ya cece su.

Issoufou_Maradi
Sannunku da ƙoƙari. Mu a ɓangaren sefa, Senegal ce ta fara a 2014 da biliyan 100, kuma gine-ginen gwamnati aka sa a ciki. Ni a ganina wannan ya fi titi, tunda gini ana iya sayar da shi ko a zuba 'yan haya. Ko ba haka ba?

Dillali_Nura
Malam Issoufou, gini ya fi titi sauƙin sayarwa, gaskiya ne. Amma tambayar ba ko ana iya sayar da abin ba ce, ko an ba ku ikon sayarwa. Duk wanda zai sayi sukuk, na gwamnati ko na kamfani, ya buɗe takardar bayanin ya nemi `Purchase Undertaking`, wato alƙawarin saye, da kuma `recourse`, wato wanda za a koma wa idan an kasa biya. Sau da yawa za ka tarar an rubuta ƙarara cewa masu sukuk ba su da ikon sayar da kadarar ga kowa sai ga wanda ya yi alƙawarin saye. Idan ka ga haka, lafiyar aljihun mai alƙawarin za ka bincika, ba kyan ginin ba. Sannan ka duba ko an sauya sunan mai mallaka a ofishin filaye, ko kuwa amfanin abin kawai aka ba ku. Alama ta uku mai sauƙi: idan kamfanonin auna haɗari sun ba sukuk ɗin maki daidai da na sauran basussukan mai shi, to su ma ba kadarar suka auna ba.

Baffa_Kwari
To ni dai duk da haka ina nan kan sukuk. Kuɗina ya shiga titin da motocin kayana ke bi, ban ci kuɗin ruwa ba, malamai sun sa hannu. Na dai janye maganar cewa ya fi aminci saboda kadara, Barista ta kayar da ni a nan.

Hauwa_Akanta
Ni abin da ke damuna shi ne me ya hana a yi na gaskiyar? A gina titi mai shingen karɓar kuɗi, ko tashar wutar sola, a ce abin da ya shigo shi za a raba.

Dillali_Nura
Hauwa, masu saye ne ba sa so. Manyan masu ɗaukar sukuk bankuna ne da kamfanonin fansho da na inshora, su kuwa adadi tsayayye suke nema da ranar da uwar kuɗi za ta dawo. Ita ma gwamnati ba ta son sakin mallakar kadarar jama'a. AAOIFI ta fitar da daftarin sabon ma'auni mai lamba 62 a ƙarshen 2023, wanda yake neman mallaka ta koma hannun masu sukuk a doka, kuma kasuwa ta yi ta kuka cewa hakan zai sauya kayan gaba ɗaya ya ƙara tsada. Ki tambayi kanki: da an ce miki bana hayar ta ragu da rabi don motoci sun koma wata hanya, za ki sake saye?

Hauwa_Akanta
Zan saya idan shekarar da motoci suka ƙaru ni ma za a ƙara min. Amma na yarda da kuɗin fanshon mahaifiyata ba zan yi ba.

Ɗan_Gwarzo
Malam Tukur, ni har yanzu gonar nan ba ta fita raina ba. Ba na cewa haramun ne, ban kai nan ba. Zan kai wa malaminmu takardun ya duba da kansa.

Malam_Tukur_Zariya
Hakan ya yi kyau. Ka kai masa har da takardar alƙawarin saye da ta wakilcin kula da kadara, kada ka tsaya a fatawar da ke shafin farko.

Maman_Ilham
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da zan faɗa wa ƙanena shi ne ta fuskar wanda zai biya ni yana da gaskiya, ta fuskar ƙulli da inda kuɗin ya tafi kuma bai da ita. Barista, saura tambaya ɗaya. Wani kamfanin gidaje ya turo min tallar sukuk ɗinsa, sun ce gidajen da za su gina su ne kadarar, kuma hayarsu ta fi ta gwamnati. Tunda gidajen ba a ma gina su ba tukuna, idan suka tsaya a linta kamfanin ya durƙushe, me ke hannuna a ranar?

Lauya_Sadiya
Hajiya ki fara tambayarsu takardar filin da sunan wa take yau, da sunan kamfanin ko da sunan amintaccen masu sukuk, kuma ko wani banki ya riga ya riƙe ta jingina. Ki turo min abin da suka ce kafin ki saka ko kwabo.